Fashin baƙi kan sakin naira ga kasuwa da yadda ya shafi kayan da ake shigowa da su

Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, a sashe na 16, ta ɗora wa bankin alhakin tsara hanyar da za a riƙa tsayar da farashin canjin naira. Da wannan iko ne bankin ya sanar a ranar 14 ga Yunin 2023 cewa ya haɗe kafofin sayar da kuɗin waje wuri guda, kuma daga ranar farashi zai zama abin da mai saye da mai sayarwa suka daidaita a kai. Kafin sanarwar dala tana wajen naira 460 a hukumance, alhali a hannun 'yan canji na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja tana wajen 750. Zuwa Fabrairun 2024 farashin hukuma ya kai kimanin naira 1,500.

Abin da ke motsa farashin shi ne yawan dalar da ke shigowa ƙasa idan an auna ta da yawan masu nemanta. Mafi yawan dalar Najeriya daga ɗanyen mai take fitowa, sai kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida da jarin baƙi. Masu nema kuwa su ne masu shigo da alkama da magunguna da injuna, da masu biyan kuɗin makaranta ko asibiti a waje, da kuma mutanen da ke sayen dala don ajiya saboda tsoron naira za ta ƙara faɗuwa. Idan man da ake haƙowa ya ragu ko farashinsa ya faɗi a duniya, dala takan yi ƙaranci, sai masu nema su riƙa ƙara kuɗi a kanta. Hauhawar farashi a gida ma tana raunana naira, shi ya sa bankin ya yi ta ƙara kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, domin ajiye naira ya fi jan hankalin masu jari.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya yi odar kaya na dala 10,000, har da kuɗin jirgi da inshora, kuma a ce harajin kwastan a kansu kashi 20 cikin ɗari ne. Kwastan suna mayar da darajar kaya zuwa naira da farashin hukuma kafin su yanka haraji. A tsohon tsari, tun da dalar banki ba kowa ke samu ba, ɗan kasuwar ya saya a 750, ya biya naira miliyan 7.5, amma harajinsa idan an lissafa a 460 naira 920,000 ne, jimilla miliyan 8.42. A farashin 1,500 kuwa kayan sun tashi a miliyan 15, haraji ya zama miliyan 3, jimilla miliyan 18, kuma ba a sa harajin kayan masarufi na kashi 7.5 da kuɗin tashar ruwa da na mota zuwa Kano ba. Kuɗin kayan ya ninka sau biyu, harajin kuwa ya haura ninki uku, ko da yake ba a taɓa kason harajin ba. A ganina wannan ɓangare na kwastan ne aka fi mantawa da shi idan ana muhawara a kan tsadar kaya.

Jama'a sukan ji haushin mai shagon da ya ƙara kuɗi a kan kayan da ya sara tun kafin dala ta tashi, kuma haushin yana da dalili, domin akwai masu wuce gona da iri. Sai dai mai shagon yana duban abin da zai biya idan ya koma sari, kuma in ya sayar da katan goma a tsohon farashi, kuɗin ba zai sayo masa ko shida ba. Idan naira ta farfaɗo kuma, farashi ba ya sauka nan take, saboda kayan da ke sito an biya su da dala mai tsada, sannan oda daga Sin takan ɗauki makonni kafin ta iso.

Tsadar ba ta tsaya ga kayan waje ba, domin burodin da aka gasa a Kaduna da alkamar waje aka yi shi, manomi ma yana sayen maganin feshi da kayan gyaran injin ban ruwa da aka shigo da su. A kan iyakar Jibiya da Maraɗi kuwa abin ya ɗauki wata fuska, tun da sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya: duk lokacin da naira ta faɗi, hatsin Najeriya yakan yi wa mai riƙe da sefa araha, buƙatarsa ta ƙaru, kuma hakan yana iya ɗaga farashinsa a kasuwannin Katsina.