Tsarin Poisson na hasashen sakamakon wasan ƙwallon ƙafa

Tsarin Poisson hanya ce ta lissafi da ake bi don ƙiyasta yiwuwar kowane sakamako a wasan ƙwallon ƙafa, daga 0-0 har zuwa 4-3, sannan a fitar da farashin da ya dace da kasuwannin caca na nasara, canjaras da yawan ƙwallaye. Sunan ya samo asali daga Siméon Denis Poisson, masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, wanda ya wallafa ƙa'idar a shekarar 1837. A fagen ƙwallo kuwa, M. J. Maher ne ya tsara ta a 1982 da sigar da aka fi sani, inda ya ba kowace ƙungiya ƙarfin gaba da ƙarfin baya. Mark Dixon da Stuart Coles suka yi mata gyara a 1997.

Ƙa'idar

Ƙa'idar Poisson ta dace da abin da ke aukuwa jefi-jefi a cikin ƙayyadadden lokaci, ba tare da aukuwar farko ta jawo ta biyu ba. Cin ƙwallo ya yi kusa da haka: ana kai hari da yawa a cikin minti 90, kaɗan ne ke ƙarewa a raga. Lamba ɗaya tal ake buƙata ga kowace ƙungiya, wato matsakaicin ƙwallayen da ake sa ran za ta ci a wannan wasan. Ana kiranta lamda, ana rubuta ta λ. Yiwuwar ƙungiyar ta ci ƙwallo k ita ce:

```
P(k) = e^(-λ) × λ^k / k!
```

A nan e lamba ce tsayayya, kusan 2.718, k! kuma ninkin lambobi ne daga 1 zuwa k. A aikace ba sai an damu da wannan lissafin ba. Da zarar an sami yiwuwar rashin cin ko ɗaya, wato e^(-λ), sai a ninka ta da λ a sami ta ƙwallo ɗaya, a ninka wannan da λ a raba biyu a sami ta ƙwallo biyu, a sake ninkawa a raba uku, haka har gaba.

Fitar da lamda

Lambobin da ke tafe misali ne kawai. A ce a wata gasa masu masaukin baƙi na cin ƙwallo 1.5 a kowane wasa, baƙi kuma 1.2. Ware matsakaicin gida daga na waje shi ne ke shigar da amfanin wasa a gida cikin lissafin.

Mai masaukin baƙi ta ci ƙwallo 36 a wasanni 20 na gida, an zura mata 20. Ke nan tana cin 1.8, ana cin ta 1.0. Ƙarfin gabanta shi ne 1.8 a raba da 1.5, wato 1.2, ma'ana ta fi matsakaiciyar ƙungiya da kashi 20 cikin ɗari. Bayanta kuwa 1.0 a raba da 1.2, wato 0.833. A nan ƙaramar lamba ita ce mai kyau, don tana nufin ba a cika cin ta ba.

Baƙuwa ta ci 24 a wasanni 20 na waje, an zura mata 27. Gabanta 1.2 a raba da 1.2, wato 1.0 cif. Bayanta 1.35 a raba da 1.5, wato 0.9. A nan ne mutane suka fi yin kuskure: ƙwallayen da ake zura wa baƙo, da matsakaicin masu gida ake auna su, domin masu gidan ne ke cin su.

Lamdar mai gida ita ce gabanta sau bayan baƙuwa sau matsakaicin gida: 1.2 × 0.9 × 1.5 = 1.62. Ta baƙuwa: 1.0 × 0.833 × 1.2 = 1.0.

Daga lamda zuwa farashi

Da lamda 1.62, yiwuwar mai gida ta tashi ba ta ci ba kashi 19.8 ce cikin ɗari, ta ci ɗaya 32.1, biyu 26.0, uku 14.0. Baƙuwa mai lamda 1.0 tana da 36.8 na rashin ci, 36.8 na ƙwallo ɗaya, 18.4 na biyu, 6.1 na uku.

Tsarin yana ɗauka cewa cin wannan ƙungiya bai shafi cin waccan ba, don haka yiwuwar kowane sakamako ninka biyun ne kawai. Sakamakon 2-1 zai zama 0.260 × 0.368, kusan kashi 9.6. Sakamakon da suka fi kowanne yiwuwa a wannan wasan su ne 1-0 da 1-1, kowanne da kashi 11.8. Abin lura ne cewa ko zakaran gwajin dafin cikinsu sau ɗaya yake fitowa a wasa takwas ko tara, saboda haka mai cewa ya san sakamakon da za a tashi cika baki yake yi.

Ana jera waɗannan duka a jadawali, mai gida a tsaye, baƙuwa a kwance, sai a tara gidajen da kowace kasuwa ke buƙata. Ga shi a harshen kwamfuta na Python:

```python
from scipy.stats import poisson
import numpy as np
k = np.arange(11)
m = np.outer(poisson.pmf(k, 1.62), poisson.pmf(k, 1.0))
print(np.tril(m, -1).sum(), np.trace(m), np.triu(m, 1).sum())
```

Nasarar mai gida ta tashi kashi 51.8, canjaras 24.8, nasarar baƙuwa 23.4. Farashin adalci shi ne ɗaya a raba da yiwuwar, don haka a kasuwar da ake rubutawa 1X2, wato nasarar mai gida, canjaras ko nasarar baƙuwa, za a sami 1.93 da 4.03 da 4.28. Wanda ya tsayar da jadawalin a ƙwallo biyar zai ga jimlar ba ta cika ɗari ba. Gara a kai shi goma.

Kasuwar yawan ƙwallaye ta fi sauƙi, domin jimlar lambobin Poisson biyu ita ma Poisson ce. A haɗa 1.62 da 1.0 a sami 2.62. Yiwuwar a tashi babu ci 7.3 ce, ƙwallo ɗaya 19.1, biyu 25.0, jimla kashi 51.3 da ɗoriya kaɗan. Wannan ita ce Under 2.5, farashinta 1.95, ita kuma Over 2.5, wato ƙwallo uku ko fiye, tana da 48.7, farashinta 2.06. Yiwuwar kowa ya ci kowa ita ce 0.802 × 0.632, kusan kashi 50.7.

Kafin a gwada waɗannan da farashin kamfanin caca, sai an cire ribar da ya cusa a ciki. A ce ya bayar da 1.85 da 3.60 da 4.20. In aka juya su zuwa yiwuwa, za su ba da 54.1 da 27.8 da 23.8, jimlarsu ta haura ɗari da kusan 5.6. Wannan rarar ita ce ribarsa. In aka raba kowacce da jimlar, ra'ayin kasuwa ya zama 51.2 da 26.3 da 22.5. A dukkan ukun farashin kamfanin ya gaza na adalci da tsarin ya fitar, wato babu abin da ya cancanci a sa wa kuɗi. Mafi yawan wasanni haka suke.

Inda gizo ke saƙar

Lissafin da ke sama ba ya kuskure. Matsalar tana cikin lamda, kuma ta fi girma fiye da yadda lambobi masu ɗigo ke nunawa. Ƙwallo 36 da mai gida ta ci akwai hannun sa'a a ciki. A ƙa'idar Poisson, kaucewar da aka saba gani a irin wannan ƙidaya ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin, a nan shida ke nan. Ƙungiyar da ainihin ƙarfinta 30 ne tana iya cin 36, haka ma wadda nata 42 ne.

In 30 ne gaskiya, lamda ta sauko 1.35, nasarar mai gida ta koma kusan kashi 45, farashi 2.23. In 42 ne, lamda ta hau 1.89, nasara ta kai kashi 58, farashi 1.72. Lamba ɗaya ce cikin huɗu aka taɓa, ga shi farashin ya yi lilo daga 1.72 zuwa 2.23, alhali an yi amfani da wasannin gida da suka fi na kaka guda a gasa mai ƙungiya 20. Wanda ya gina lamda da wasanni biyar na baya-bayan nan, sa'a yake aunawa. Saboda haka idan tsarin ya ce 52 kasuwa ta ce 47, abin da ya fi kusa shi ne lamda ce ta karkace.

Ana rage wannan ta hanyoyi kaɗan. Ɗaya ita ce a ja ƙarfin kowace ƙungiya zuwa 1.0, kamar an ƙara mata wasu wasanni na matsakaiciyar ƙungiya. Idan aka ƙara goma a kan ashirin ɗin, 1.2 zai koma 1.13. Wata kuma ita ce a haɗa wasannin gida da na waje, a ba kowace ƙungiya ƙarfin gaba ɗaya da na baya ɗaya, a bar amfanin gida ya zama lamba guda ga gasar duka, a kuma fitar da su a lokaci ɗaya. Wannan yana magance wata matsalar ma, ta ƙungiyar da ta tara ƙwallaye a kan raunanan abokan karawa a farkon kaka. Dixon da Coles sun ƙara da rage nauyin tsofaffin wasanni sannu a hankali, don ƙungiya tana canzawa. Sabuwar ƙungiyar da ta hauro daga ƙaramin rukuni kuwa, ƙwallayenta na can ba su auna ta a nan.

Gyaran ƙananan sakamako

Zaton cewa cin ƙungiyoyin biyu bai shafi juna ba yana da rauni, kuma an fi ganinsa a wasannin da ba a ci da yawa ba. Tsarin kan rage wa 0-0 da 1-1 daraja, ya ƙara wa 1-0 da 0-1. Dixon da Coles sun kawo lamba guda, ρ, wadda ke taɓa waɗannan gidaje huɗu kaɗai:

```
0-0: 1 - λμρ    0-1: 1 + λρ
1-0: 1 + μρ     1-1: 1 - ρ
```

A nan μ ita ce lamdar baƙuwa. Daga bayanan gasar ake fitar da ρ, amma a ce ta zo -0.1. Sai 0-0 ya tashi daga 7.3 zuwa 8.5, 1-1 daga 11.8 zuwa 13.0, canjaras ya kai 27.2, nasarar mai gida ta sauko 50.7. Kasuwar 2.5 ba ta motsa ko kaɗan, domin gidajen huɗun duk a ƙasa da ƙwallo uku suke, abin da aka ɗebe daga wani ne aka zuba wa wani.

Akwai kuma abubuwan da tsarin bai gani sam. Jan kati, raunin babban ɗan wasa, ko wasan ƙarshen kaka da canjaras zai wadatar da kowa, duk suna sauya lamda. Ƙwallaye ma sun fi yawa a zagaye na biyu fiye da na farko, don haka raba lamda biyu bai isa ya ba da farashin hutun rabin lokaci ba.

Yadda ake gwada shi

Ana ɗaukar tsohuwar kaka a bi ta mako-mako, a yi hasashen kowane wasa da sakamakon da suka gabace shi kaɗai. In aka gina ƙarfin ƙungiyoyi da kakar duka sannan aka gwada a kanta, tsarin ya riga ya leƙa amsa, kuma zai yi kyan da ba nasa ba. Daga nan sai a tara duk wasannin da ya ba mai gida tsakanin kashi 50 da 55, a ga ko masu gidan sun yi nasara a kusan wannan adadin. Idan wasannin da ya ba kashi 70 suna ƙarewa a 60, ƙarfin ƙungiyoyin ya yi tazara da yawa, yana buƙatar a ƙara jan sa zuwa tsakiya. Idan canjaras ya fi hasashe yawa kaka bayan kaka, ρ ake nema. Ma'auni mafi tsauri shi ne farashin kasuwa na dab da fara wasa bayan an cire riba, domin shi ya riga ya haɗiye labarin 'yan wasan da za su fara da waɗanda ke jinya.