Rinjayen Matasa a Jamhuriyar Nijar

Rinjayen matasa yanayi ne da yara da matasa ke zama kaso mafi tsoka a al'ummar ƙasa, abin da ke faruwa idan mutuwar ƙananan yara ta ragu amma haihuwa ba ta ragu ba. Ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne shekarun tsakiya, wato shekarun mutumin da zai tsaya a tsakiyar layi da za a jera 'yan ƙasa duka daga jariri zuwa tsoho. A Nijar wannan adadi yana wajen shekara 15, yana kuma cikin mafi ƙanƙanta a duniya, alhali a Japan ya kusa 50.

Asali da girma

Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanen Nijar ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17.1, da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, saurin da ke ninka jama'a cikin kimanin shekara 18. Binciken lafiya na wannan shekarar ya nuna mace tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, na 2021 kuma ya sauko da adadin zuwa 6.2. Aurar da 'yan mata da wuri na daga cikin dalilai, domin kusan uku cikin huɗu suna aure kafin shekara 18.

Aikin yi

Ana ƙiyasta cewa wajen matasa rabin miliyan ke isa shekarun neman abin kansu kowace shekara, aikin albashi kuwa, na gwamnati ko na kamfani, ɗan kaɗan yake ɗauka daga cikinsu. Duk da haka alƙaluman rashin aikin yi na ƙasar ƙanana ne ƙwarai, kuma suna iya ruɗar mai karatu, saboda ma'aunin yana lissafa duk wanda ya yi aikin ko da awa ɗaya a mako cikin masu aiki. Saurayin da ya taya mahaifinsa noman gero wata huɗu na damina, sannan ya shafe rani yana ga-ruwa ko tura baro, mai aiki ne a takarda.

A karkarar Maraɗi da Damagaram matsalar ta fi bayyana a gona. Idan magidanci ya bar hekta shida ga 'ya'ya maza huɗu da mata huɗu, rabon gado zai ba kowane namiji hekta ɗaya, kowace mace rabi, kuma hekta ɗaya ta gero a ƙasar da ta gaji ba ta ciyar da gida zuwa wata kaka. Daga nan cin rani ya zama dole, zuwa Kano, Legas, Libiya da Aljeriya, ko zuwa haƙar zinaren da aka gano a 2014 a Jado, cikin hamadar jihar Agadas. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram.

Zaman lafiya

Masanin siyasa Henrik Urdal ya wallafa bincike a 2006 wanda ya nuna cewa haɗarin rikicin cikin gida yana ƙaruwa gwargwadon yawan 'yan shekara 15 zuwa 24 a cikin baligai. Masu suka suna cewa wannan yana ɗora wa matasa laifin gazawar mahukunta.

A birnin Damagaram an san gungun matasa da ake kira fale, masu zama a unguwanni irin su Kara-Kara, waɗanda aka danganta wasunsu da tarzomar Janairun 2015 da aka ƙona majami'u. Sun bambanta da fada, majalisar shan shayi da hira wadda yawancin samarin birane ke zama a cikinta ba tare da tashin hankali ba. A Diffa, bayan hare-haren Boko Haram na Fabrairun 2015, dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur, ta kuma taƙaita cinikin kifi da tattasai. Manufar ita ce toshe wa mayaƙan hanyar kuɗi, sai dai sana'o'in ke nan da samarin yankin ke ci da su, kuma masu bincike da dama sun ce hakan ya sauƙaƙa wa ƙungiyar jan wasunsu da alƙawarin babur da kuɗin aure.

Ribar yawan matasa

Koriya ta Kudu ta ci moriyar matasanta ne bayan haihuwa ta faɗi daga 'ya'ya shida a 1960 zuwa kimanin biyu a farkon shekarun 1980, sai masu aiki suka rinjayi waɗanda ake ciyarwa. A Nijar har yanzu kusan kowane mai shekarun aiki yana ɗauke da yaro ɗaya.