Ɗaukewar layi da juyewar layi a na'urar sanyi mai fes uku

Na'urar sanyi ta fakej, wadda kwamfaresa da fankoki da koyil ɗinta duk suke cikin akwati ɗaya, tana shan wuta ta layuka uku, wato fes uku: L1, L2 da L3. Wutar kowane layi tana bin ta ɗan'uwansa da tazarar digiri 120, kuma wannan jerin ne ke nuna wa inji ɓangaren da zai juya. Matsala biyu ke ɓata wannan tsari, kuma duka biyun mayaudara ne, domin na'urar kan yi kamar tana aiki.

Juyewar layi tana faruwa idan aka musanya wayoyi biyu, galibi bayan gyaran akwatin wuta ko haɗa janareto. Kwamfaresa mai fistin bai damu da ɓangaren juyi ba, amma mai sukurol, wanda ke matsa gas da ƙarafa biyu masu siffar dodon koɗi, yana damuwa. Idan ya juya da baya ba ya matsa gas: ƙararsa ta yi yawa, wutar da yake ja ta ragu, geji ya nuna matsin ɓangaren zuƙa da na turawa kusan daidai, sanyi kuwa babu. Bayan 'yan mintuna na'urar kariyar da ke cikinsa ta kashe shi. Kada fankar waje ta ruɗi ma'aikaci. A na'urori da yawa fes ɗaya take sha, daidai za ta juya ko da layukan sun juye. Maganin shi ne a kashe wuta, a kulle makunni, a auna a tabbatar babu wuta, sannan a musanya wayoyi biyu a mashigar wutar na'urar, ba a kan kwamfaresa ba, don sauran injinan su gyaru tare.

Ɗaukewar layi ta fi haɗari, ita ce mai ƙona naɗin wayar cikin inji. Fis ɗaya ya tsinke, ko bakin kontakta, wato makunnin da ke kai wa inji wuta, ya cinye, ko kusa ta saki waya. Injin da ke tsaye sai gurnani, ba zai tashi ba. Wanda ke gudu kuwa ci gaba zai yi, layuka biyun da suka rage su ɗauki nauyin uku. A ce kwamfaresa na jan amfiya 12 a kowane layi, fis ɗin L2 ya tsinke. Mita mai kama waya za ta nuna sifili a L2, L1 da L3 kuwa sun haura 20, wato kusan ninki 1.73.

A nan ne awon ƙarfin wuta kaɗai ke yaudara, domin injin da ke juyawa yana mayar da wuta ta cikin mataccen layin, mita ta nuna kamar lafiya lau. Shi ya sa awon amfiya ya fi zama abin dogaro. Idan ana zargin kontakta, a auna ƙarfin wuta tsakanin L2, inda wuta ke shiga ta, da T2, inda take fita zuwa inji, bakin yana a haɗe, inji na aiki: lafiyayyen baki kusan sifili yake nunawa. Kuma kafin a sa sabon fis, a fara gano abin da ya tsinka na farko.