Waiwaye: Yadda lissafin lanƙwasa ya gyara hasashen farashin takardun lamuni

A shekarar 1938 masanin tattalin arziki Frederick Macaulay ya fitar da wani dogon bincike kan kuɗin ruwa da farashin takardun lamuni a Amurka, wato takardun da gwamnati ko kamfani ke sayarwa don cin bashi. A ciki ya nuna cewa ranar da za a biya uwar kuɗi ba ta isa ta bayyana tsawon bashi ba, domin mai takarda yana karɓar ruwa kashi-kashi tun kafin ranar ta zo. Sai ya kawo ma'aunin da 'yan kasuwar hannun jari ke kira diyureshan, ko ma'aunin wa'adi, wato matsakaicin lokacin da kuɗin mutum ke ɗauka kafin su dawo hannunsa, inda ake auna kowane biya da darajarsa ta yau. Bayan shekara ɗaya John Hicks a Ingila ya iso ga wannan ma'auni ta wata hanyar, ya kuma nuna amfaninsa na biyu: yana faɗin yawan yadda farashi zai motsa idan ruwa ya motsa. Takarda mai ma'aunin wa'adi 7 za ta faɗi da kusan kashi 7 cikin ɗari idan ruwan kasuwa ya ƙaru da maki ɗaya, kamar daga kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari.

Matsalar tana cikin kalmar "kusan". Ma'aunin wa'adi yana ɗauka cewa alaƙar farashi da ruwa miƙaƙƙen layi ce, alhali lanƙwasasshiya ce. Kamar ka ajiye ƙwarya a kan allo ne: wuri ɗaya kawai take taɓa allon, daga nan kowane gefe sai ya yi sama ya bar shi. Kusa da inda suka haɗu tazarar ba ta kai a kula ba, amma da ka matsa gefe sai ta buɗe. Dalilin lanƙwasar kuwa shi ne ma'aunin wa'adin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan ruwa ya hau, kuɗin da za a biya can nesa ne suka fi rasa daraja, nauyinsu ya ragu, ma'aunin ya gajarce, saboda haka kowane ƙarin maki yana yin ɓarnar da ba ta kai ta wanda ya gabace shi ba. Idan ruwa ya sauka kuma ma'aunin yana tsawaita, riba ta riƙa ƙaruwa.

Frank Redington, masanin lissafin inshora a kamfanin Prudential na Birtaniya, ya hango wannan tun 1952. Ya ce bai isa kamfanin inshora ya daidaita wa'adin kadarorinsa da na basussukan da ke kansa ba, sai kuɗin da ke shigowa sun fi waɗanda zai biya bazuwa a tsawon lokaci. Wannan sharaɗi na biyu shi ne abin da daga baya aka sani da kwanbeksiti, ma'aunin lanƙwasa. Sai dai a lokacin ruwa bai cika yin tsalle ba, don haka batun ya fi zama a hannun masana inshora. Abin ya sauya bayan 6 ga Oktoba 1979, ranar da Paul Volcker, shugaban Babban Bankin Amurka, ya sauya salon yaƙi da hauhawar farashi. Ruwa ya riƙa hawa da sauka da maki masu yawa cikin 'yan watanni, har na takardun gwamnati masu shekara goma ya haura kashi 15 cikin ɗari a 1981. Daga nan ne lissafin lanƙwasa ya zama kayan aikin yau da kullum a wurin dillalai.

Ga yadda ake haɗa ma'aunan biyu:

```
ΔP/P ≈ −D × Δy + ½ × C × (Δy)²
```

ΔP/P shi ne kason sauyin farashi, D shi ne ma'aunin wa'adi bayan an raba shi da ɗaya a tara da ruwa, C ma'aunin lanƙwasa, Δy kuma sauyin da ruwa ya yi, inda ake rubuta maki ɗaya a matsayin 0.01. Abin lura shi ne a ɓangare na biyu ana ninka sauyin da kansa. Wannan ne ya sa a takarda ta yau da kullum gyaran kullum ƙari ne, ko ruwa ya hau ko ya sauka, kuma idan sauyin ya ninka sau biyu gyaran yana ninkawa sau huɗu.

A ɗauki takardar da ba ta biyan komai sai dala 1,000 bayan shekara 30, ruwan kasuwa kuma kashi 4 cikin ɗari a shekara. Farashinta yau dala 308 ne, D ɗinta 28.85, C kuma kusan 860. Idan ruwa ya ɗan gusa daga 4 zuwa 4.1, ma'aunin wa'adi zai ce farashi ya faɗi da kashi 2.9 cikin ɗari, gyaran lanƙwasa kuwa 0.04 ne kacal, ba wanda zai damu da shi.

Yanzu ruwa ya tashi daga 4 zuwa 6. Ma'aunin wa'adi shi kaɗai yana cewa faɗuwar kashi 57.7 ce, wato farashi ya koma dala 130. Ɓangaren lanƙwasa yana mayar da kashi 17.2, faɗuwar ta zama 40.5, farashi dala 183. Idan aka yi lissafin gaskiya, aka riƙa raba dala 1,000 da 1.06 a jere har sau talatin, ana samun dala 174. Kuskuren ya sauko daga dala 44 zuwa dala 9. Idan kuma ruwa ya sauka zuwa kashi 2, ma'aunin wa'adi zai ce dala 486, da gyara 539, ainihin farashi 552. Ka ga motsin maki biyu ne a kowane gefe, amma ribar sauka ta kai kashi 79 yayin da asarar hawa ta tsaya a 43.5. Mai dogara da ma'aunin wa'adi kaɗai zai tsorata fiye da kima kan asara, ya kuma raina ribar da ke jiransa.

Gyaran ma yana da iyaka, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Idan ruwan ya kai kashi 8, ma'aunin wa'adi zai ce takardar ta rasa kashi 115 cikin ɗari, abin da ba ya yiwuwa. Da gyara ana samun kusan 47, alhali faɗuwar gaskiya 68 ce. Alamar da za ta farkar da mutum ita ce idan ɓangare na biyu ya kai kusan rabin na farko, to a ajiye hasashe a sake lissafa farashin daga tushe. Haka kuma dukkan ma'aunan biyu suna ɗauka cewa ruwan gajeren wa'adi da na dogo suna motsi tare daidai wa daida, wanda ba safai yake faruwa ba.

Akwai kuma takardun da lanƙwasarsu ke kallon ƙasa, musamman waɗanda aka gina kan bashin sayen gidaje a Amurka. Idan ruwa ya sauka, masu gidaje suna biyan tsohon bashi su ci sabo mai rahusa, sai farashin takardar ya kasa hawa yadda ya kamata. Idan ruwa ya hau kowa ya riƙe tsohon bashinsa, wa'adi ya tsawaita daidai lokacin da tsawo ke cutarwa. An ga haka a 1994, lokacin da Babban Bankin Amurka ya ɗaga ruwa daga kashi 3 zuwa 5.5 cikin shekarar. Masu riƙe da irin waɗannan takardu sun tarar wa'adinsu ya miƙe, suka riƙa sayar da takardun gwamnati don rage shi, wannan sayarwar kuma ta ƙara ingiza ruwa sama. A irin wannan takarda C yana ƙasa da sifili, don haka ɓangare na biyu na lissafin yana ƙara asara ne a kan wadda ma'aunin wa'adi ya nuna.