Alifin da ke bin tanwinin fataha ba kuskure ba ne, kuma ba a ko'ina ake jan sa ba

Akwai maganganu biyu da suke yawo tsakanin ɗaliban Islamiyya da masu koyon Larabci, kuma dukkansu suna jefa mutane cikin shakkar karatunsu. Wasu suna cewa alifin da ake gani a ƙarshen kalma mai fataha biyu dole ne a ja shi duk inda aka same shi. Wasu kuma suna cewa wanda ya ɗora wasulan biyu a kan alifin ya yi kuskuren da ke ɓata rubutu. Ƙa'idar ba ta ce ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tanwini nun ce mai ɗauri da ake furtawa a ƙarshen suna amma ba a rubuta ta da harafi, sai dai a ninka wasalin ƙarshe: rufu'a biyu su ba da kitaabun, kasra biyu kitaabin, fataha biyu kitaaban. Ba ya shiga fi'ili, kuma yana faɗuwa idan suna ya ɗauki alif da lam ko aka jingina shi ga wani suna. Wanda yake son ya ji nun ɗin da kunnensa ya sadar da ayar farko ta Suratul Ikhlasi da ta biyu, zai ji ahadunil-laahu, domin an yi mata kasra saboda haɗuwar ɗauri biyu.

Rikicin yana wajen fataha, kuma asalinsa shi ne cewa an gina rubutun Larabci a kan yadda kalma take fita idan an tsaya a kanta. Mai tsayawa a kan rufu'a biyu ko kasra biyu yana zubar da su gaba ɗaya, shi ya sa ahadun take komawa ahad, ba a kuma tanadar musu wani harafi ba. Fataha biyu kuwa ba sa ɓacewa haka. Nun ce take tafiya, alif ya maye gurbinta, a ja shi gwargwadon wasali biyu, abin da malaman tajwidi suke kira maddul iwad. A Suratun Nasri, wanda ya tsaya a ƙarshen aya ta biyu zai ce afwaajaa, wanda ya zarce kuma zai ce afwaajan fasabbih, yana ɓoye nun da gunna saboda fa'un da ya biyo baya. Wanda ya ce afwaajaan ya haɗa alif da nun a numfashi ɗaya, alhali ɗayansu yana zuwa ne a madadin ɗayan, kuma ta nan ake gane cewa bai fahimci aikin alifin ba.

Wannan dalili ne ya sa takuri ba ta ɗaukar alif, domin rahmatan tana komawa rahmah idan an tsaya, don haka babu abin da alif zai yi a wurin. Kalmomi irin hudan da fatan suma ba a ƙara musu komai, tun da akwai alif a ƙarshensu da aka rubuta da siffar ya'un. Inda ƙa'idar ta yi wa mai koyo tsauri, a ganina, shi ne wajen hamza. Ana rubuta alif a juz'an da shai'an, amma ba a rubuta shi a maa'an da samaa'an, saboda marubuta sun ƙi hamza ta zauna tsakanin alif biyu. Duk da haka mai karatun Alƙur'ani da ya tsaya a kan maa'an dole ya ce maa'aa. A nan ido ba ya taimakon baki ko kaɗan, kuma bai dace a tsawata wa yaro kan abin da ba a taɓa bayyana masa ba.

Batun mazaunin wasulan biyu kuwa saɓani ne na malamai tun dā. Ana jingina wa Khalil bin Ahmad ɗora su a kan harafin da ke kafin alif, kuma haka Mushafin Madina na riwayar Hafs yake tafiya. Yazidi ya ga a ɗora su a kan alifin kansa, Abu Amr Addani ya zaɓi hakan, kuma a kansa masu rubutun Magrib suka tafi. Na fi karkata ga ra'ayin farko wajen koyar da masu farawa, domin yana nuna musu cewa ba'un kitaaban ne yake ɗauke da wasalin, amma wanda ya buɗe littafi ya ga wasulan a kan alif ba shi da hujjar cewa an yi kuskuren ɗab'i, kuma furucin kalmar ɗaya ne a rubutun biyu.