Gane kibod ko jita daga hoto da ƙiyasta farashinsu ga mai koyo

Gane kayan kiɗa daga hoto hanya ce ta fitar da sunan kamfani, lambar samfuri da ajin kibod ko jita ta hanyar duba alamomin da ke jikinsu, kafin mai saye ya taɓa su da hannu. Masu fara koyon kiɗa ne suka fi buƙatarta, domin yawancinsu na hannu suke saye, kuma sau da yawa tallar ba ta wuce hoto ɗaya da sunan kamfani ba. Hoto yana iya nuna wane irin kaya ne, amma kaɗan yake nunawa game da lafiyarsa. Shi ya sa aikin ya rabu biyu: a fara tabbatar da samfurin, sannan a nemi shaidar lafiyarsa kafin a yi maganar kuɗi.

Abin da maɓallan kibod ke nunawa

Ko da hoton bai fita sosai ba, ana iya ƙirga maɓallai. Baƙaƙen maɓallai a jere suke rukuni-rukuni, biyu sannan uku, biyu sannan uku. Kibod mai rukunin biyu guda biyar da rukunin uku guda biyar tana da maɓallai 61, wato farare 36 da baƙaƙe 25. Mai huɗu-huɗu tana da 49. Cikakkiyar fiyano tana da 88, farare 52 da baƙaƙe 36, akwai kuma mai 76 a tsakani. Ga mai koyo, 61 ita ce mafi ƙaranci da za ta bari hannu biyu su yi aiki ba tare da takura ba. Wadda ta gaza haka, da wuri ake fin ƙarfinta.

Girman maɓallan ma abin dubawa ne. Kibod mai maɓallai 61 na cikakken girma takan kai kusan santimita 94 a faɗi. Idan a hoto an ga ta yi ƙanƙanta kusa da kujera ko hannun mutum, mai yiwuwa mai ƙananan maɓallai ce, irin jerin SA na Casio ko PSS na Yamaha, waɗanda aka fi yi wa yara. Yatsun da suka saba da su sai sun sake koyon tazara idan suka koma kan babba.

Akwai tarko guda da ke kama sababbin masu saye. Wasu na'urori kamar M-Audio Keystation da Akai MPK Mini suna da maɓallai kamar kowace kibod, amma ba su da sauti na kansu, sai an haɗa su da kwamfuta ko waya. Ana gane su da rashin ragar lasifika a hagu da dama. Wanda yake son ya kunna ya fara kiɗa nan take, ya tabbatar ya ga ragar nan a hoto.

Lambar samfuri

Sunan kamfani shi kaɗai ba ya yanke farashi, domin kamfani ɗaya yana yin kibod ta yara, yana kuma yin ta ƙwararru. Lambar samfuri ce ke yankewa. Akan rubuta ta a fuskar kibod kusa da sunan kamfani, ana kuma samun ta a takardar da ke manne a ƙarƙashi tare da lambar siriyal. Hoton wannan takarda shi ne abu na farko da ya kamata a nema.

Lamba ɗaya tak tana iya raba aji biyu. Yamaha PSR-E273 da PSR-E373 duk a 2020 suka fito, duk maɓallai 61 gare su, kuma daga nesa sun yi kama. Amma PSR-E373 tana da abin da kamfanin ya kira Touch Response: idan an danna maɓalli a hankali sauti ya fito a hankali, idan an danna da ƙarfi ya fito da ƙarfi. PSR-E273 ba ta da shi, duk yadda aka danna sautin ɗaya ne. Wannan bambanci ya fi yawan muryoyin da ake rubutawa a kwali muhimmanci nesa ba kusa ba, domin sarrafa ƙarfin yatsa yana cikin abubuwan farko da ɗan koyo zai koya, kuma ba ya koyuwa a kan kibod da ba ta jin nauyin hannu. Haka abin yake a Casio: CT-S200 ba ta ji, CT-S300 tana ji, kuma ana gane CT-S300 a hoto da ɗan gargaren lanƙwasa sauti da ke gefen hagu.

Tsufa ma yana bayyana. Kibod mai ramin saka faifan fulofi ta fito ne tun shekarun 1990 ko farkon 2000, komai ƙyallinta.

Jita

A jita, wurare biyu ake duba: kan jitar, inda tambarin kamfani yake, da takardar da ke cikin ramin sauti, inda lambar samfuri take. Siffar kan tana nuna nau'i. Kai mai dogayen ramuka biyu, da wuya mai faɗi da ya haɗu da gangar jiki a ƙarfe na 12 cikin siraran ƙarafunan da ke gicciye a wuyan, idan an ƙirga daga kai, galibi na jita ce mai tsirkiyar nailan, kamar Yamaha C40. Kai marar ramuka, da siririn wuya da ya haɗu da jiki a ƙarfe na 14, na mai tsirkiyar ƙarfe ne, kamar Yamaha F310. Tsirkiyar nailan ta fi sauƙi ga yatsun da ba su yi kanta ba. Idan aka ga an ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar nailan, a ƙyale ta, domin jan ƙarfen ya fi ƙarfin ƙirarta, yakan tanƙwara wuya ya kuma ɗaga jakin da tsirkiyoyi ke zaune a kai.

Nan ma lamba ce ke raba farashi. Fuskar F310 siraran falankai ne da aka manne hawa-hawa, ita kuwa Yamaha FG800 fuskarta tsantsar katako ce, don haka ta fi amo ta kuma fi tsada. A jitar lantarki, Squier reshen Fender ne mai rahusa, Epiphone kuma na Gibson. Tallar da ta kira jita Fender alhali Squier ne rubuce da manyan baƙaƙe a kanta tana neman kuɗin da ba nata ba.

Hoto guda da ya fi amfani ga mai koyo shi ne wanda aka ɗauka daga gefe, a daidai ƙarfe na 12, wanda ke nuna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, milimita 2 zuwa 3 ne daidai, ta nailan kuma takan ɗan fi haka. Idan ta ƙarfe ta kai milimita 5, danna tsirkiya zai zama azaba. Wani lokaci saiti ne kawai ke gyara hakan, wani lokaci kuma wuyan ne ya tashi daga mahaɗarsa, gyaran da kan fi kuɗin jitar mai koyo gaba ɗaya. A nemi kuma hoton bayan jaki, a ga ko ya fara rabuwa da fuska, da hoton bayan kai, inda tsagewa ta fi faruwa idan jita ta faɗi.

Abin da hoto ke ɓoyewa

Cutar da ta fi damun kibod ta hannu tana ƙarƙashin maɓallai ne. A can akwai jerin roba mai mahaɗan lantarki. A kibod mai jin nauyin hannu, kowane maɓalli yana da mahaɗai biyu, kuma na'urar tana auna ɗan lokacin da ke tsakanin taɓuwar na farko da na biyu ta gane ƙarfin dannawa. Idan ƙura ta shiga ko robar ta cinye, maɓallin yakan yi shiru, ko ya riƙa fitar da sauti da iyakar ƙarfi ko da an shafa shi ne kawai. Babu hoton da zai nuna wannan. Maganinsa bidiyo ne marar yankewa, inda mai sayarwa zai danna kowane maɓalli daga hagu zuwa dama, da farko a hankali, sannan da ƙarfi, ana jin lasifikokin biyu. A ƙara da hoton ɗakin batir, domin batirin da aka manta a ciki yakan zubo ya ci ƙarafuna, yana barin farin gari ko kore-kore.

Ƙiyasta farashi

Ma'auni na farko shi ne farashin sabuwa a yau, ko na samfurin da ya gaje ta idan an daina ƙera ta. Na biyu shi ne kuɗin da aka sayar da irinta da gaske, wanda yakan gaza abin da masu talla ke nema. Shafin eBay yana da zaɓin Sold items da ke nuna cinikin da ya faɗa, Reverb kuma, shafin cinikin kayan kiɗa, yana da jagoran farashi mai suna Price Guide. Ga kayan masu koyo da ke da lafiya kuma ba su tsufa ba, rabi zuwa kashi biyu cikin uku na farashin sabuwa ma'auni ne mai kyau da za a fara da shi. Daga nan a cire kuɗin duk abin da ya ɓace ko yake buƙatar gyara. Farashin da mai sayarwa ya saya tun asali ba hujja ba ne, musamman a kibod, wadda darajarta ke sauka duk lokacin da sabon samfuri ya fito. Jita mai kyau ta fi riƙe darajarta.

A ɗauki misali. Talla ta nuna baƙar kibod ta Yamaha, ba a rubuta komai ba sai cewa kamar sabuwa take. Ƙirga ta ba da maɓallai 61, ragar lasifika tana nan gefe biyu. Lambar ta dushe a hoton, ana ganin PSR-E da 73 a ƙarshe, ta tsakiya ba ta fita ba. Aka nemi hoton baya, sai ga ramin da aka rubuta USB TO HOST a kansa. PSR-E373 tana da wannan rami, PSR-E273 ba ta da shi, takardar ƙarƙashi kuma ta tabbatar. Tunda PSR-E383 ta gaje ta a 2024, farashin wannan ne ma'auni. A ƙaddara shi 100 ne, don sauƙin lissafi. Bidiyo ya nuna duk maɓallai lafiya, don haka a fara daga 60 zuwa 65. Amma babu adafta a hoton, mai sayarwa ya ce ta ɓace. Wannan kibod adafta mai bolt 12 take sha, kuma ba kowace za a cusa mata ba: ta Casio CT-S300, alal misali, mai bolt 9.5 ce. Idan ta kirki za ta ci 8, kuma ma'ajin takardar kiɗa da ya ɓace zai ci 2, farashin adalci ya dawo 50 zuwa 55.

Da a ce lambar ta fito PSR-E273, sai a sake lissafin daga farashin ajinta, wanda yake ƙasa, kuma ga mai niyyar koyon fiyano da gaske gara ya jira wata. Idan kuma mai PSR-E373 ɗin ya kafe a kan 85, sayen sabuwa ya fi, domin ragowar 15 ɗin ita ce ke kawo garanti da damar mayarwa idan wani maɓalli ya ƙi, kuma a yawancin kasuwanni har da adaftarta ta asali.