Hoton masu nakasa a fina-finai da kafafen yaɗa labarai

Hoton masu nakasa a kafafen yaɗa labarai fanni ne na nazari da ke duba yadda fim, talabijin, rediyo da jarida suke nuna mutanen da ke da nakasa, da tasirin hakan ga yadda jama'a ke kallonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa. Duk da wannan yawa, siffofi ƙalilan ne ake ta maimaitawa a kansu, kuma biyu sun fi sauran tashe: abin tausayi da gwarzo abin koyi. Masanin tarihi Paul Longmore na Amurka ya yi rubutu a kan irin waɗannan siffofi a 1985, sannan Colin Barnes na Birtaniya ya fitar da rahoto a kansu a 1992.

Abin tausayi

A wannan siffa ana nuna mai nakasa a matsayin wanda ƙaddara ta gama da shi, ba ya da abin yi sai jiran taimako. Ana gane ta tun daga yadda ake riƙe kyamara. Sai a ɗauko mutum daga sama yana ƙasa, a matso da hoto kan ƙafar da ta shanye ko idon da ba ya gani, a sa kiɗa mai sanyaya jiki, sannan a miƙa makirufo ga mahaifiyarsa ko likitansa alhali shi yana zaune yana ji.

Shirye-shiryen neman taimako a talabijin sun taka rawa wajen kafa wannan siffa. Fitacce cikinsu shi ne wanda ɗan wasan barkwanci Jerry Lewis ya jagoranta duk shekara a Amurka daga 1966 zuwa 2010, don tara kuɗi saboda masu ciwon raunin tsoka. An tara maƙudan kuɗi, ba wanda ya musa. Amma a 1981 lauya Evan Kemp, wanda shi ma mai nakasa ne, ya rubuta a jaridar New York Times cewa shirin na mayar da masu nakasa tamkar yara, abin da ke sa masu ɗaukar ma'aikata su guje su. A farkon shekarun 1990 wasu daga cikin waɗanda aka taɓa tallata shirin da hotunansu suna yara suka fito suna zanga-zangar adawa da shi.

A fim, ƙarshen wannan labari yakan zama ɗayan biyu: ko mutumin ya warke ta hanyar ban mamaki, ko ya mutu. Fim ɗin Me Before You na 2016, inda jarumin da jikinsa ya shanye ya zaɓi a taimaka masa ya mutu, ya jawo zanga-zangar masu nakasa, domin a ganinsu saƙon shi ne gara mutuwa da irin rayuwarsu.

Gwarzo abin koyi

Siffa ta biyu ta fi wuyar ganewa, saboda da yabo take zuwa. A nan ana jinjina wa mai nakasa don ya "yi galaba" a kan nakasarsa, ko da abin da ya yi bai wuce zuwa makaranta ko kama sana'a ba. 'Yar jarida Stella Young ta Ostareliya, wadda ta rasu a 2014, ita ce ta fi fito da wannan suka fili. Ta ba da labarin yadda aka so a ba ta lambar yabo tana da shekara 15, sai iyayenta suka ce ai ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba tukuna. Hujjarta ita ce irin waɗannan labarai ba don masu nakasa ake yin su ba. Ana yin su ne don mai cikakkiyar lafiya ya duba ya ce, ashe tawa da sauƙi.

A zahiri siffofin biyu kamar kishiyoyi ne, amma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Dukansu sun ɗora matsalar a jikin mutum ɗaya: na farko ya kasa, na biyu ya jure. Matakalar da ba ta da gangara, makarantar da ba ta da mai fassara da yaren kurame, kamfanin da ya ƙi ɗaukarsa aiki, duk sun ɓace daga labarin. Wannan shi ne abin da masu ra'ayin cewa al'umma ce ke haifar da cikas, irin su Mike Oliver na Birtaniya, suka riƙa nunawa tun daga shekarun 1980. Akwai kuma wata illa: idan aka ɗaga mutum ɗaya a matsayin ma'auni, sauran da ba su kai can ba sai a ɗauke su ragwaye.

Misalin gyaran rahoto

A ɗauka an samu labarin wani ɗalibi mai keken guragu wanda abokinsa ke goya shi kullum zuwa aji a hawa na biyu. Rahoton da aka saba gani zai buɗe da hoton goyon, ya yaba wa abokin, ya yaba wa juriyar ɗalibin, ya rufe da kira ga masu hannu da shuni. Mai karatu ya ji daɗi, gobe kuma a sake goya shi.

Ɗan jarida mai lura zai fara da neman izinin ɗalibin kafin ɗaukar hoto, domin ba kowa ke son a ga ana goyonsa ba. Zai zauna daidai tsayinsa, ya yi masa tambaya kai tsaye, ya tambaye shi yadda yake so a ambaci yanayinsa, ko ma in yana so a ambata. Daga nan sai ya tunkari hukumar makarantar: me ya sa ba a sauko da ajin ƙasa ba, akwai lif ko babu, yaushe aka kai ƙorafi, wa ya karɓa, kuma me dokar ƙasar ta tanada? Zai bincika ɗalibai nawa ne ke cikin wannan hali, har da waɗanda suka daina zuwa saboda ba su da mai goya su. Su ne rahoton farko ba ya taɓa gani. Abokin yana nan cikin labarin, sai dai kanun ya koma kan ginin da wanda ke da alhakin gyara shi.

Editoci kan yi amfani da gwaji mai sauƙi: in an cire nakasar, akwai sauran labari? In babu, kuma ba a ambaci wani cikas ko wani mai alhaki ba, to akwai alamar tambaya. Haka nan ana duba ko ana neman masu nakasa su yi sharhi a kan kasafin kuɗi, zaɓe ko wasanni, ko kuwa sai ranar 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, ake tunawa da su.

Dokoki da sauye-sauye

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta nemi ƙasashe a sashe na 8 su ƙarfafa wa kafafen yaɗa labarai gwiwa wajen nuna masu nakasa yadda ya dace da manufarta. Ƙarfafa gwiwa ce kawai, ba hukunci, don haka sauyin ya fi zuwa daga masana'antar kanta. A 2018 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sanar cewa ta daina ba da kuɗi ga fina-finan da ke amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta. Tashar talabijin ta Channel 4 ta Birtaniya, wadda ta tallata gasar wasannin masu nakasa ta Paralympics ta 2012 da ta 2016 da kirarin cewa 'yan wasan sun fi ƙarfin ɗan Adam, ta ajiye wannan kirari a gasar 2024.

Batun wa zai fito a matsayin mai nakasa har yanzu ana taƙaddama a kansa. Marlee Matlin, kurma, ta ci kyautar Oscar a 1987, kuma sai a 2022 wani kurman, Troy Kotsur, ya sake cin kyautar a fannin wasan kwaikwayo. Wasu na cewa aikin ɗan wasa shi ne ya zama wanda ba shi ba. Masu adawa na amsawa da cewa hakan zai yi ma'ana ne kawai in ana bai wa 'yan wasa masu nakasa matsayin likita, alƙali ko masoyi, wanda har yanzu ba kasafai ake yi ba.